Abin da ya kamata ku sani: me ke tsinkar da farin tsohon ƙwai, kuma yaya yake shafar kek?

Ku fasa ƙwai biyu a faranti mai faɗi, ɗaya wanda kaza ta saka da safiyar nan, ɗaya kuma wanda ya yi mako biyu a kan teburin mai shago lokacin bazara. Na farkon zai tsaya wuri guda. Gwaiduwarsa ta yi tozo, farin da ke kewaye da ita ya yi kauri ya ɗaga ta sama, sai ɗan ruwa kaɗan a gefe. Idan kun duba da kyau za ku ga farin bai washe sarai ba, yana da ɗan hazo-hazo. Na biyun kuwa da ya taɓa faranti sai ya malale har baki. Farinsa garau yake kamar ruwa, gwaiduwar ta kwanta ta baje, wani lokaci ma ta fashe tun kafin a taɓa ta.

Mutane da yawa na ɗauka cewa ƙwai na biyun ya lalace ne, ko kuma an ba kazar abinci marar kyau. Galibi ba haka ba ne. Abin da ya faru shi ne wata iska ta fice daga cikin ƙwan, ficewarta kuma ta sauya yanayin tsamin farin. Wannan sauyi guda shi ne tushen tsinkewar, shi ne kuma ke sa kek ɗin da aka dogara da kumfar farin ƙwai ya tashi ko ya zauna.

Iskar da ke ficewa ta ɓawo

Ɓawon ƙwai ba a toshe yake ba. Yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ɗan tsako ke shaƙar iska ta cikinsu idan kaza ta kwanta a kan ƙwan. A lokacin da ƙwai ke haɗuwa a cikin kaza, farinsa na ɗauke da iskar kabon dayoksaid mai yawa a narke. Ita ce ke ba sabon farin ƙwai wannan hazon. Daga lokacin da aka saka shi, iskar ke fara sulalewa ta ƙofofin ɓawo tare da ɗan tururin ruwa, kamar yadda gas ke fita daga lemon kwalba da aka buɗe aka ajiye, sai dai a ƙwai abin a hankali yake tafiya.

Ita wannan iska idan ta narke a ruwa tana ba shi ɗan tsami. Saboda haka duk lokacin da ta ragu, farin ƙwai sai ya ƙara matsawa zuwa ɓangaren kanwa. Masana na auna wannan da ma'aunin pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, inda ruwa mai tsabta yake. Ƙasa da 7 tsami ne, kamar ruwan lemon tsami da ke wajen 2. Sama da 7 kuwa ɓangaren kanwa ne da toka da sabulu.

Farin ƙwan da aka saka yanzu yana wajen 7.6 zuwa 7.9. Cikin 'yan kwanaki kaɗan sai ya haura 9, kuma idan ya daɗe yana iya kaiwa 9.7. A ido tazarar kamar ba ta da yawa, amma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Tashi daga 7.6 zuwa 9.2 na nufin tsamin ya ragu kusan ninki 40. Ruwan da aka jiƙa bekin soda a ciki yana tsayawa ne wajen 8.3, wato farin tsohon ƙwai ya fi shi zurfi a ɓangaren kanwa. Gwaiduwa ba ta yin wannan doguwar tafiya. Tana farawa wajen 6, ta ƙare ƙasa da 7.

Akwai hikima a cikin wannan tashi, domin ƙwayoyin cuta da yawa ba sa jin daɗin hayayyafa a irin wannan yanayi, don haka farin ke zama katanga ga gwaiduwa. Amma ga mai girki akwai abin lura: hawan ma'aunin yana faruwa ne da wuri, a kwanakin farko. Yawancin ƙwan da ya bi ta gona, ya bi ta hannun dillali, ya iso kiret ɗin mai shago, ya riga ya kai wajen 9 ko da farinsa na da sauran kauri.

Yadda kauri ke warwarewa

Kusan kashi 88 cikin 100 na farin ƙwai ruwa ne, kusan kashi 10 kuma furotin iri-iri. Abin tambaya shi ne yadda abin da kusan duka ruwa ne yake iya tsayawa ya yi tudu a faranti. Aikin wani furotin ne mai suna obomusin. Ba shi da yawa, bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na furotin ɗin farin ba, amma dogayen zaruruwa ne da suka sarƙe da juna suka riƙe ruwa a tsakaninsu. Farin mai kauri da ke jikin gwaiduwa ya ninka farin mai ruwa na gefe kusan sau huɗu a yawan obomusin. Akwai kuma wani furotin, laisozayim, wanda ke manne da waɗannan zaruruwa yana taimaka wa saƙar ta tsaya.

Da ma'aunin ya haura zuwa wajen 9, sai saƙar ta fara sakin jiki. Wani sashe na obomusin ya rabu ya narke cikin ruwan farin, riƙon da ke tsakaninsa da laisozayim ma ya yi rauni. Furotin ɗin bai ɓace ba, amfaninsa ga jiki yana nan yadda yake. Tsarin da ya riƙe ruwan ne kawai ya kwance, shi ya sa farin ke malala.

Gwaiduwa ma tana shan nata. Ruwa na ratsawa daga fari ya shiga cikinta, ta kumbura, siririyar fatar da ta lulluɓe ta kuma ta miƙe ta yi rauni. Igiyoyin nan biyu farare masu murɗe da ke riƙe ta a tsakiya su ma su saki. Ruwan da ya fita ta ɓawo kuwa ya bar gurbi a faffaɗan kan ƙwai, inda aljihun iska ke ƙara girma kullum.

Masu kiwon kaji na auna wannan tsinkewa da wata hanya da Raymond Haugh ya fito da ita a Amurka a 1937. Ana auna nauyin ƙwai, a fasa shi a kan shimfiɗaɗɗen gilashi, a auna tsayin farin mai kauri da milimita, a fitar da maki. Ƙwai mai nauyin giram 57 da farinsa ya tsaya milimita 7 zai samu maki kusan 85. Idan ya sauka zuwa milimita 3, makin ya koma wajen 48. A tsarin Amurka, ƙwan da ya kai maki 72 ko fiye shi ne mai daraja ta ɗaya, wanda ya gaza 60 kuma ya faɗa daraja ta ƙasa.

Zafi shi ne ke kora wannan al'amari da gudu. Masu sana'ar ƙwai kan ce abin da ƙwai ke rasawa a yini guda a ɗaki ya yi daidai da abin da yake rasawa a mako guda a firji. Wannan kuwa lissafin ƙasashe masu sanyi ne. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin watan Afrilu ke kaiwa digiri 40, ƙwan da ya yi 'yan kwanaki a rumfar kwano ya tsufa fiye da adadin kwanakinsa. Sai dai a sani cewa ba tsufa kaɗai ke kawo ruwa-ruwan fari ba. Kazar da ta daɗe tana saka ƙwai farinta ya fi na budurwar kaza ruwa, kuma wata cutar mashaƙo ta kaji na sa su saka ƙwai mai tsinkakken fari tun ranar farko. Mai kiwon da ya ga haka a ƙwan da ya ɗauka da safe, kajinsa ya kamata ya bincika.

Abin da ke faruwa a kwanon bugu

Idan ana buga farin ƙwai da maburgi ko miksa, iska ake turawa ciki. Furotin ɗin da ke dunƙule sai su warware, su jeru a jikin kowace ƙwayar kumfa su yi mata fata. Kumfa mai kyau tana bukatar abu biyu: fata mai laushi da za ta iya miƙewa ba ta yage ba, da ruwa mai kauri a tsakanin ƙwayoyin kumfar wanda ba zai tsiyaye ƙasa da sauri ba.

Tsohon fari ya fi saurin tashi, domin ba shi da kaurin da maburgi zai yi fama da shi. Wannan ne ke yaudarar mai gashi, ta ga kwano ya cika nan da nan ta ɗauka ta dace. Amma ruwan da ke tsakanin kumfar ba shi da saƙar obomusin da za ta riƙe shi. Idan aka ajiye kwanon minti goma ko sha biyar, a karkata shi, za a ga ruwa ya taru a ƙasa, ƙwayoyin kumfar kuma sun haɗe sun zama manya-manya. Sabon fari yana ɗaukar lokaci kafin ya tashi, amma kumfarsa ƙanana ce, tana da sheƙi, tana kuma jure jira da juyawa.

Yanayin kanwa na ƙara wata matsalar. A jikin furotin ɗin ƙwai akwai wasu gaɓoɓi masu sinadarin farar wuta da ke iya ƙullewa da juna da ƙarfi. A ma'aunin 9 suna saurin ƙullewa. Idan ƙullin ya yi yawa, fatar kumfar ta daina miƙewa, furotin ya dunƙule ya matse ruwan da ke jikinsa. Abin da ake gani a kwano shi ne kumfa ta bushe, ta yi gudaji-gudaji, sheƙinta ya tafi. Tazarar da ke tsakanin "ta yi daidai" da "ta wuce" a tsohon fari gajera ce ƙwarai, musamman da miksa mai gudu.

Nan ne amfanin ɗan tsami ya shigo. Hodar kirim-tata da masu sayar da kayan kek ke ajiyewa, ko ruwan lemon tsami, ko farin binega, suna mayar da ma'aunin ƙasa da 7. A wannan yanayi ƙullin farar wutar yana tafiya a hankali, kumfar ta kasance mai laushi, mai bugu kuma ta samu sararin tsayawa kafin ta wuce gona da iri. Awon da aka saba shi ne kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramin cokali na kirim-tata ga farin ƙwai guda, ko rabin ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami.

Abin da ke faruwa a cikin oban

Kumfa ba ita ce ƙarshen aiki ba. A cikin oban iskar da ke cikin kumfar tana faɗaɗa, kek ya tashi, sannan dole bangon kumfar ya daskare kafin ya fashe. Babban mai wannan aiki shi ne obalbumin, wanda ya fi rabin furotin ɗin farin, kusan kashi 54 cikin 100. A sabon ƙwai yana daskarewa wajen digiri 84.

Idan ƙwai ya daɗe a yanayin kanwa, musamman cikin zafi, obalbumin na rikiɗa a hankali zuwa wani nau'i mai taurin kai da ake kira S-obalbumin, wanda ba ya daskarewa sai wajen digiri 92. Cikin kek kuwa ba ya wuce zafin tafasar ruwa da wani abin kirki, wato digiri 100, ga shi kuma sukari na ƙara jinkirta daskarewar furotin. Sakamakon haka bangon kumfar yana makara. Kek ya tashi da kyau a cikin oban, a fito da shi, tsakiyarsa ta lotsa, ƙasansa ya yi wani layi mai danƙo.

Launi ma yana sauyawa. Haɗuwar sukari da furotin da ke sa abin gashi yin ja tana ƙara sauri a yanayin kanwa, kuma wasu sinadaran launi da ke cikin fulawa suna komawa rawaya a wannan yanayi. Shi ya sa kek ɗin farin ƙwai zalla da aka yi babu tsami yake fitowa da ciki mai ɗan duhu da manyan ƙofofi, wanda aka sa wa kirim-tata kuma ya fito fari tas da ƙananan ƙofofi.

Misali: kek ɗin shifon da ƙwai shida

A ɗauka uwargida za ta yi kek ɗin shifon a watan zafi, da ƙwai shida da ta saya a shago ba ta san kwanansu ba. Kayan su ne fulawa giram 120, sukari giram 120, man gyaɗa mililita 60, madara mililita 90.

Matakin farko ta fasa ƙwai ɗaya a faranti ta duba. Idan farin ya kasu biyu a fili, mai kauri a ciki da mai ruwa a gefe, ƙwan na da ƙarfi. Idan duk ya zama ruwa ɗaya, ta san da tsoho take aiki, sai ta ƙara kula.

Ta sa ƙwan a firji na ɗan lokaci kafin ta raba, domin sanyi na ƙarfafa gwaiduwa. Ta riƙa raba kowane ɗaya a ƙaramin kofi tukuna, sannan ta juye farin a babban kwano. Wannan mataki ya fi muhimmanci a tsohon ƙwai, saboda fatar gwaiduwarsa ba ta da ƙarfi, kuma maiƙon gwaiduwa ko ɗigo ne yana hana kumfa tashi yadda ya kamata. Sau da yawa abin da ake ɗora wa tsufan fari laifin wannan ɗigon ne. Kwano da maburgi su ma su kasance babu maiƙo. Na silba ko gilashi sun fi na roba, don roba na riƙe mai ko an wanke.

Farin ƙwai shida zai kai wajen giram 190. Bayan ya huce daga sanyin firji, ta fara bugawa a matsakaicin gudu har ya yi kumfa mai manyan idanu. A nan za ta zuba kirim-tata kashi uku cikin huɗu na ƙaramin cokali, ko babban cokali ɗaya na ruwan lemon tsami. Ta ci gaba har kumfar ta yi fari, sannan ta fara zuba wajen giram 80 na sukarin cokali-cokali. Sukari na narkewa ya kaurara ruwan da ke tsakanin kumfar, wato yana cike wani ɓangare na gurbin da obomusin ya bari. Sauran sukarin ya tafi cikin gwaiduwa da mai da madara da fulawa, kuma wannan haɗin ya kamata ya kasance a shirye tun kafin a fara bugun fari.

Ta dakata idan ta ɗaga maburgi ta ga kumfar ta yi tsini, kan tsinin ya ɗan lanƙwasa, sheƙi na nan. Da tsohon fari gara a tsaya da wuri kaɗan. Ta haɗa da kwaɓin gwaiduwar kashi uku, tana ɗagowa daga ƙasa a hankali, ta zuba a gwangwanin da ba a shafa wa mai ba, ta sa a oban da ya riga ya yi zafin digiri 160. Zai ɗauki kusan minti 50, kuma gara ya ɗan ƙara 'yan mintuna da a fitar da shi cikinsa bai kama ba. Da fitowa ta kife gwangwanin har ya huce.

Idan an samu matsala, kek ɗin da kansa zai faɗi inda take. Fararen gudaji a cikin kwaɓi alamar an wuce da bugu ne. Layi mai danƙo a ƙasa yana nuna kumfar ta tsiyaye kafin ta daskare, ko don ta jira ko don wutar ta yi ƙasa. Kumfar da ta ƙi tashi tun farko kuwa maiƙo ne ya shige ta.

Iyakar gyara

Tsami na gyara ma'aunin pH, amma ba ya mayar da saƙar obomusin da ta kwance, ba ya kuma mayar da S-obalbumin yadda yake a da. Ƙwan da ya tsinke sarai ba zai ba da shifon mai tsayi irin na sabon ƙwai ba komai yawan lemon tsamin da aka zuba. Ƙara tsamin fiye da awo ma sai ya jinkirta kumfa ya bar ɗanɗanonsa a kek.

Haka kuma ba kowane gashi ne abin ya dama ba. Kek ɗin da ake buga bota da sukari a sa bekin hoda ya dogara ne da iskar da bota ta kama da gas ɗin hodar, ita kuma bekin hoda tana tafe da nata tsamin a ciki. A irin wannan kek, da cincin da fanke da donot, ƙwan mako biyu mai lafiya zai yi aiki ba tare da an ga bambancin kirki ba. Bekin soda ce ke bukatar lura: farin ƙwai ba zai ba ta tsamin da take bukata ba, sai an haɗa da nono ko yogot ko lemon tsami, in ba haka ba kek ya fito da ɗanɗanon sabulu. Masu yin makaron irin na Faransa kuwa da gangan suke raba fari su ajiye shi a firji kwana ɗaya ko biyu don ya ɗan saki, saboda kwaɓinsu na son kumfa mai saurin kwanciya, kuma sukarinsa mai yawa yana riƙe ta. Wajen dafawa ma tsohon ƙwai ya fi daɗin ɓarewa, don a yanayin kanwa farin ba ya manne wa fatar cikin ɓawo.

Tsinkewa daban, ruɓewa daban. Ƙwan da ya kwanta a ƙasan ruwa sabo ne, wanda ya miƙe tsaye ya kwana biyu, wanda ya taso sama aljihun iskarsa ya yi girma, ya tsufa sosai. Hukuncin ƙarshe na hanci da ido ne bayan an fasa shi a kofi shi kaɗai: wari, ko fari mai launin kore ko ruwan hoda ko baƙi, a zubar.

Rage gudun tsufan kuwa yana hannun mai ajiya. Firji ya fi komai. Inda babu wuta, a nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da murhu da rana, a jera ƙwan tsininsa na kallon ƙasa. Kada a wanke shi sai za a yi amfani da shi, domin wanki na cire siririn rufin da kaza ta shafa wa ɓawon, ƙofofin su buɗe. Shafa wa sabon ƙwai ɗan man girki mai tsabta tun ranar da aka saka shi yana toshe ƙofofin, iskar ta daɗe a ciki, farin ya riƙe kaurinsa. Mai sana'ar kek kuma ta riƙa rubuta ranar saye a jikin kowane kiret, ta ware sabon ga shifon da duk kek ɗin da kumfa ke ɗagawa, wanda ya kwana biyu ta tura shi ga kek ɗin bota da cincin da dafawa.